Salsala Da Wuridi: Yadda Ake Karɓar Ɗariƙa Da Miƙa Ta A Ƙasar Hausa

Duk wanda ya taɓa wucewa ta gefen wata zawiya bayan sallar Magariba, a Kano ko Zariya ko unguwar Sabo ta Ibadan, ya ga mutane sun yi da'ira sun kewaye wani farin ƙyalle suna karanta abu ɗaya da murya ɗaya. Kalmomin da suke faɗa ba ɓoyayyu ba ne. An buga su a ƙananan littattafai da ake sayarwa a bakin masallatai, kuma yaran unguwa da yawa sun haddace su tun kafin su san ma'anarsu. Amma a wajen 'yan ɗariƙa, wanda ya haddace kalmomin daga littafi bai zama ɗan ɗariƙa ba tukuna. Sai wani mai izini ya ba shi, shi ma mai izinin daga wani ya karɓa, haka har a kai ga shehin da ya kafa ɗariƙar. Wannan jerin sunaye shi ake kira salsala, wasu su ce silsila, kalmar Larabci mai nufin sarƙa. Abin da ake miƙawa ta cikinta kuwa shi ne wuridi, wato zikirin da mutum ya ɗaukar wa kansa zai riƙa yi kullum, da adadi sananne, a lokaci sananne.

Ɗariƙu biyu ne suka fi yawan mabiya a tsakanin Hausawa, Ƙadiriyya da Tijjaniyya. Wannan bayani zai fi tsayawa a kan Tijjaniyya, domin ƙa'idojin wuridinta a rubuce suke dalla-dalla kuma kusan iri ɗaya ne a ko'ina, sa'annan a waiwayi Ƙadiriyya inda tsarinta ya bambanta.

Doguwar salsala da gajeruwa

Ƙadiriyya tana jingina ne ga Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a Bagadaza a shekarar 1166. Salsalarta ba ta tsaya a kansa ba. Tana hawa ta kan malaminsa Abu Sa'id al-Mukharrimi, ta bi ta kan manyan sufayen Iraƙi irin su Junaidu da Ma'aruf al-Karkhi, ta kai ga Hasanul Basari, sa'annan Sayyidina Aliyu, sa'annan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Saboda haka Baƙadire na wannan zamani, idan aka karanto masa salsalarsa tun daga shehinsa, zai ji sunaye masu yawa ƙwarai, domin tsakaninsa da Shehu Abdulƙadir kaɗai akwai shekaru fiye da ɗari takwas. Tun da daɗewa malaman hadisi sun yi saɓani a kan gaɓa ɗaya ta wannan sarƙa, wato ko Hasanul Basari ya ji karatu kai tsaye daga Sayyidina Aliyu. Wasu sun kore, wasu kuma, cikinsu har da Imamu Suyuɗi, sun tabbatar.

Salsalar Tijjaniyya gajeruwa ce, kuma dalilin gajartarta yana cikin tushen ɗariƙar. An haifi Shehu Ahmadu Tijjani a Ainu Madi ta ƙasar Aljeriya a 1737, ya rasu a birnin Fas na Maroko a 1815. Ya riƙi wuridin wasu ɗariƙu a farkon rayuwarsa, musamman Khalwatiyya wadda ya karɓa daga Shehu Mahmud al-Kurdi a Alƙahira. Daga baya, a farkon shekarun 1780, ya shaida wa almajiransa cewa ya ga Annabi a farke, ya umarce shi da ya bar abin da ya karɓa daga shehunai, ya kuma ba shi wuridi na kansa. Wannan shi ne imanin mabiyansa, kuma a kansa ne masu sukar ɗariƙar suka fi kafa hujja. Abin da ya haifar ga salsala shi ne, tana ƙarewa a kan Shehu Tijjani, daga shi sai Annabi, ba tare da ratsa ƙarnonin da suka gabace shi ba.

Hanyoyin da suka kawo ta ƙasar Hausa

Ƙadiriyya ta riga isowa. Ta ratso Sahara ta hannun malamai da fatake, kuma gidan Kunta na yankin Tambutu, musamman Sidi Mukhtar al-Kunti wanda ya rasu a 1811, ya yi tasiri babba wajen yaɗa ta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo Baƙadire ne, ya rubuta salsalolinsa da kansa, har jama'arsa suka riƙa kiran kansu Ƙadirawa. Wannan ne ya sa ɗariƙar ta zama ta gidan sarauta da manyan malamai a Daular Sakkwato.

Tijjaniyya kuwa ta shigo a matakai, kuma kowane mataki ya bar tasa salsalar. Na farko shi ne na Alhaji Umaru Futi. Ya fara karɓar wuridin a ƙasarsa, sa'annan a Hijaz ya haɗu da Sidi Muhammadu al-Ghali, almajirin Shehu Tijjani na kai tsaye, wanda ya naɗa shi halifa ga ƙasashen Yammacin Afirka. A kan hanyarsa ta komawa ya zauna shekaru a Sakkwato cikin shekarun 1830, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har ya auri 'yarsa. Ko Muhammadu Bello ya karɓi Tijjaniyya daga gare shi, wannan magana ce da Tijjanawa da Ƙadirawa suka daɗe suna jayayya a kanta. Littafin Alhaji Umaru, Rimahu, har gobe yana cikin manyan littattafan da ake komawa gare su a kan sharuɗɗan ɗariƙar, tare da Jawahirul Ma'ani na Sidi Aliyu Harazimi. Bayan Turawa sun ci ƙasa, ɗan ɗan'uwansa Alfa Hashim ya zauna a Madina, inda alhazan ƙasar Hausa da yawa suka karɓi izini a hannunsa.

Mataki na biyu shi ne na Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a ƙasar Sanagal, wanda aka haifa a 1900 ya rasu a 1975. A 1929 ya bayyana cewa failar da Shehu Tijjani ya yi bushara da ita ta zo a hannunsa. Ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin Hajjin 1937, kuma daga tsakiyar shekarun 1940 ya fara ziyartar Kano. Almajiran Malam Muhammadu Salga, waɗanda ake kira Salgawa, irin su Shehu Abubakar Atiku Sanka da Shehu Tijjani Usman Zangon Barebari da Shehu Sani Kafinga, tun da ma Tijjanawa ne masu izini. Abin da suka yi shi ne sabunta izininsu a hannun Shehu Ibrahim. Daga zaurukansu salsalar ta bi hanyar kasuwancin goro da shanu zuwa zangon Hausawa na kudu da na Gana, yayin da Kiyota a Jamhuriyar Nijar ta zama babbar cibiya ta wannan reshe. A Sabon Ibadan, cikin farkon shekarun 1950, jama'ar unguwar suka shiga ɗariƙar da yawan gaske cikin ɗan lokaci, abin da ya sauya tsarin malanta da zamantakewar unguwar.

Ranar karɓa

A ɗauki misalin wani direban babbar mota da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Legas, wanda ya yanke shawarar karɓar Tijjaniyya. Ba zai tafi wajen kowane malami ba, domin ilimi daban, izini daban. Akwai malamin da ya karantar da fiƙihu shekara talatin amma ba shi da ikon ba kowa wuridi, akwai kuma ɗan kasuwa mai matsakaicin karatu da yake da wannan iko. Wanda ake nema shi ne muƙaddami, mutumin da wani shehi ya gabatar kuma ya ba shi izinin laƙƙana wa wasu.

Kafin a ba shi komai, muƙaddamin zai karanto masa sharuɗɗa, ya tambaye shi ko ya yarda. Sharuɗɗan suna da yawa a littattafai, amma uku ne ba a sassautawa a kansu. Na farko, ba zai haɗa wannan wuridi da na wata ɗariƙa ba, idan kuwa yana riƙe da wani sai ya ajiye shi. Na biyu, ba zai ziyarci waliyyan da ba na ɗariƙar ba, rayayyu ko matattu, da nufin neman albarka ta ruhi, ko da yake an umarce shi da girmama su duka, kuma ba a hana shi zuwa ɗaukar karatu ko sada zumunci ba. Na uku, zai riƙe wuridin har mutuwa. Bayan waɗannan akwai kiyaye salloli biyar a kan lokaci, cikin jam'i idan ya samu, da biyayya ga iyaye, da barin shan taba. Muƙaddamin kirki yakan ba mutum lokaci ya je ya yi tunani, domin wuridin yana zama kamar bakance ne: abin da ba wajibi ba ne a asalin shari'a, amma mutum ya wajabta wa kansa da bakinsa.

Idan ya amsa, sai a yi talƙini. Muƙaddami ya kama hannunsa, ya faɗa masa abin da zai riƙa karantawa, ya ce ya ba shi izini kamar yadda shi ma shehinsa ya ba shi, a yi addu'a a shafa Fatiha. Mace ana laƙƙana mata da baki ba tare da haɗa hannu ba, ko kuma ta karɓa daga muƙaddama mace, waɗanda suka ƙaru sosai a reshen Shehu Ibrahim. Babu wani kuɗin da sharaɗin ya ajiye. Mutane kan kai hadiyya don raɗin kansu, amma wanda ya sa wa wuridi farashi ya fita daga abin da littattafan ɗariƙar suka tsara. Daga wannan rana direban ya zama muridi, kuma sunan wannan muƙaddami shi ne gaɓa ta farko a salsalarsa.

Abin da aka ɗora masa

Abubuwa uku ne: lazimi, wazifa da zikirin Juma'a.

Lazimi shi ne na mutum shi kaɗai, a asirce, sau biyu a rana. Istigfari ɗari, salatin Annabi ɗari, hailala ɗari, wato kalmar tauhidi, kuma a kan wannan jeri ba tare da gabatar da wani kan wani ba. Kowane irin salati ya wadatar, ko da yake an fi son Salatul Fatihi ga wanda ya iya. Jimla ɗari uku da safe, ɗari uku da yamma, kuma ga wanda bakinsa ya saba bai cika kai rabin sa'a ba. Ana buƙatar alwala, da tsarkin jiki da tufa da wuri, da niyya wadda za ta fayyace ko na safe ne ko na yamma, da kame baki daga magana har a gama. An yi rangwame ga kalma ɗaya ko biyu ta larura, da kuma amsa kiran iyaye.

Lokacinsa ya yi kama da na salla wajen rabuwa gida biyu. Lazimin safe yana da zaɓaɓɓen lokaci daga bayan sallar Asuba zuwa hantsi, da na larura har faɗuwar rana. Na yamma yana farawa bayan sallar La'asar zuwa Isha, na larurarsa kuma har fitowar alfijir. A nan ne rayuwar direbanmu za ta gwada shi. Idan ya san zai tashi da mota tun da jijjifi, an yarda ya gabatar da lazimin safe cikin dare, bayan an ɗan jima da sallar Isha. Idan yamma ta riske shi a cunkoson Lakwaja har bai samu zama ba sai ƙarfe sha ɗaya na dare, yana cikin lokacin larura, sai ya yi abinsa. Idan kuwa barci ya kwashe shi har alfijir ya keto, lazimin ya zama bashi a kansa, sai ya rama. Marar lafiya da mace mai haila an bar musu zaɓi, kuma babu ramuwa a kansu.

Kuskuren da ya fi faruwa shi ne na ƙidaya. Mutum yana cikin salati sai hankalinsa ya tafi, ya rasa ko yana kan sittin ne ko saba'in. Hukuncin shi ne ya yi gini a kan mafi ƙaranci, wato sittin, ya cika ɗari, sa'annan bayan ya gama lazimin duka ya yi istigfari ɗari da niyyar gyara. Haka ma wanda ya yi ƙari da mantuwa. Wanda ya lura zai ga an ɗauko wannan tsari ne daga babin rafkanuwa a salla na fiƙihun Malikiyya, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa bai yi wa almajiran zaure wuyar fahimta ba.

Wazifa ita ce wadda ake gani a fili. Sau ɗaya a rana ta wadatar, kuma a jam'i ake yin ta matuƙar akwai 'yan'uwa a kusa. Istigfari talatin da siga mai ɗan tsawo, Salatul Fatihi hamsin, hailala ɗari, sai Jauharatul Kamali goma sha biyu. A wazifa ba a musanya Salatul Fatihi da wani salati. Carbin Tijjanawa da yawa an yi masa alamomi daidai da waɗannan adadi: alama bayan ƙwaya goma sha biyu, wata a kan talatin, wata a kan hamsin, don haka carbi ɗaya mai ƙwaya ɗari yana ɗauke da lissafin wazifar gaba ɗaya. Wanda ya zo a makare yana shiga inda ya tarar da jama'a, ya cika abin da ya wuce shi bayan an gama, kamar masabuƙi a salla.

Jauhara tana da sharaɗin da ya fi na saura tsanani. Ba a karanta ta sai da alwalar ruwa, a kuma wuri mai tsarki, kuma wannan ne asalin shimfiɗa farin ƙyallen nan, tare da imanin Tijjanawa cewa Annabi da halifofinsa huɗu suna halartar majalisin daga karatu na bakwai. Idan direbanmu ya tsinci kansa a daji babu ruwa sai taimama, zai yi wazifarsa, amma a gurbin Jauhara sai ya karanta Salatul Fatihi ashirin. Adadin nan na goma sha biyu ya taɓa raba kan Tijjanawa a Yammacin Afirka. Shehu Hamahullahi na Nioro a ƙasar Mali ya tsaya a kan cewa goma sha ɗaya ne asali, rikicin ya haɗu da siyasar mulkin Faransa, har aka kai shi gudun hijira ƙasar Faransa inda ya rasu a 1943. A ƙasar Hausa goma sha biyu ake yi.

Zikirin Juma'a hailala ce zalla, bayan La'asar zuwa faɗuwar rana, a cikin jam'i. Wanda bai samu jam'i ba yana yin dubu ɗaya zuwa sama shi kaɗai. Shi ne kaɗai a cikin ukun da ba a ramawa idan rana ta faɗi.

Takardar ijaza da yadda ake duba ta

Muridi yana da izinin karantawa ne kawai. Idan shekaru suka tafi, shehi ya ga ya san hukunce-hukuncen wuridi kuma jama'a sun yarda da halinsa, yana iya gabatar da shi ya zama muƙaddami. Wannan yawanci a rubuce ake yi, cikin Larabci, a takardar da ake kira ijaza. Tana ɗauke da sunan mai bayarwa da na mai karɓa, da iyakar abin da aka yi izini a kai, da salsalar mai bayarwa, da wasiyyar tsoron Allah, da kwanan wata da sa hannu ko hatimi.

Iyakar izinin ita ce wurin da ya kamata a fi karantawa da kyau. Akwai ijaza mai ƙaidi, wadda ta ba mutum damar laƙƙana wuridi kawai, ko ta ƙayyade masa adadin muƙaddaman da zai iya naɗawa. Akwai kuma ta iɗlaƙi, wadda ta sake masa hannu ya naɗa wanda ya ga ya dace. Idan mai ijaza mai ƙaidi ya naɗa muƙaddami alhali ba a ba shi wannan iko ba, naɗin bai inganta ba a ƙa'idar ɗariƙar, kuma matsalar tana gangarowa kan duk wanda ya karɓa ta wannan hanya.

Ga misalin salsala da ta shahara, wadda almajiran Shehu Ibrahim Inyass suke ji da ita. Shehu Ibrahim ya karɓa daga Alƙali Ahmad Sukairij na Maroko, shi kuma daga Sidi Ahmad al-Abdalawi, shi kuma daga Sidi Aliyu Tamasini, shi kuma daga Shehu Tijjani. Mutum uku ne kacal a tsakani. Idan muƙaddamin direbanmu ya karɓa daga wani shehin Kano da ya karɓa daga Shehu Ibrahim, to tsakanin direban da Shehu Tijjani akwai mutum shida. Ƙarancin gaɓoɓi shi ake kira ɗaukakar sanadi, kuma shi ne ke sa malamai tafiya Kaulaha ko Fas don sabunta izini, abin da ake kira tajdidi. Sabuntawa ba ta nufin izinin farko ya lalace. Babban malami yana iya tara ijazozi da dama daga shehunai daban-daban na cikin ɗariƙar, shi kansa Shehu Ibrahim ya fara karɓa ne daga mahaifinsa Alhaji Abdullahi Inyass. Tajdidi yana zama dole ne ga wanda ya karya ɗaya daga cikin manyan sharuɗɗan nan, misali ya yi watsi da wuridin da gangan, sa'annan ya so dawowa.

Hanyar gane salsala mai rauni ba ta da bambanci da ta malaman hadisi. Ana duba ko kowane mutum biyu da ke maƙwabtaka a jerin sun yi zamani ɗaya. Alhaji Umaru Futi ya rasu a 1864, saboda haka idan takarda ta nuna wanda aka haifa bayan wannan shekara ya karɓa daga gare shi kai tsaye, to an tsallake suna, ko da kuskuren mai kwafa ne. Ana kuma duba ko sauran almajiran shehin sun san mai da'awar, domin zawiya ƙaramar duniya ce, da wuya a naɗa muƙaddami babu wanda ya ji. Izinin da mutum ya ce ya samu a mafarki ba ya zama hujjar laƙƙana wa wasu. A ganina, inda tsarin ya fi rauni a yau shi ne yawan ijazozin da ake rabawa a taron maulidi ko ziyara, ga mutanen da mai bayarwar bai zauna da su ba. Takardar tana iya zama sahihiya, amma shaidar hali da ilimi da ya kamata ta tsaya a bayanta ba ta samu ba, kuma shehunan ɗariƙar da kansu sukan koka da wannan a wa'azinsu.

Bayan wuridin dole akwai wasu addu'o'i na zaɓi, irin su Hizbus Saifi da Hizbul Bahri, waɗanda kowannensu ke buƙatar izini na musamman. A reshen Faila kuma akwai tarbiyya, horon ruhi da muridi ke shiga a ƙarƙashin kulawar shehi, da zikirai masu yawan adadi waɗanda baki da baki ake bayar da su.

Inda Ƙadiriyya ta bambanta

Ƙadiriyya ba ta da wuridi guda da ya game dukkan rassanta da adadi ɗaya. Kowane reshe yana da abin da shehunansa suka tsara, yawanci istigfari da salati da hailala da ake karantawa bayan sallolin farilla. Shiga cikinta ta hanyar mubaya'a ce, hannu da hannu, kuma ba ta da sharaɗin nan mai tsauri na hana haɗa wuridi ko ziyartar waliyyan wasu ɗariƙu. Shi ya sa tsofaffin malaman Ƙadirawa, har da Shehu Usmanu, suke da salsala a ɗariƙa fiye da ɗaya.

Wannan sassauci ne Shehu Nasiru Kabara na Kano, wanda ya rasu a 1996, ya yi aiki da shi. Ya tarar da Ƙadiriyya a rarrabe, akwai reshen Kunta, akwai na gidan Shehu, akwai na Larabawan Arewacin Afirka mazauna Kano, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana karɓar izini. Ya haɗa da Sammaniyya ta ƙasar Sudan, sa'annan a 1953 ya je Bagadaza ya karɓa daga zuriyar Shehu Abdulƙadir masu kula da hubbarensa. Da haka ya zama mahaɗar salsaloli da yawa, ya kuma fitar da ɗariƙar daga zaurukan malamai zuwa ga talakawa, da zikirin bandiri, da zikirin anfasu wanda ake yi da numfashi, da Maukibi, jerin gwanon da ake yi a Kano duk shekara a watan Rabi'us Sani don tunawa da Shehu Abdulƙadir. Ɗansa Shehu Ƙaribullah ne ya gaje shi.

Gadon halifanci daga uba zuwa ɗa ya zama ruwan dare a ɗariƙun biyu, amma a ƙa'ida jini ba ya maye gurbin izini. Ɗan shehi ma sai an laƙƙana masa, sai an rubuta masa ijaza, kuma sunansa yana shiga salsala ne ta wannan ƙofa.

Masu suka

Ba dukkan Musulmin ƙasar Hausa ne suka yarda da wannan tsari ba. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya soki ɗariƙun a littafinsa Al-Aƙidatus Sahiha na 1972, kuma ƙungiyar Izala da Sheikh Isma'ila Idris ya jagoranci kafawa a Jos a 1978 ta ɗauki wannan matsayi. Hujjarsu ita ce ƙayyade adadi da lokaci ga zikiri, da sharɗanta izinin shehi, da falalar da ake jingina wa Salatul Fatihi, ba su da tushe a Sunna, kuma addini ya cika tun zamanin Annabi. Malaman ɗariƙa suna amsawa da cewa istigfari da salati da hailala duk umarnin Alƙur'ani da Sunna ne, ƙayyadewar kuwa bakance ne da mutum ya ɗaukar wa kansa, izini kuma daidai yake da ijazar da ake bayarwa a karatun Alƙur'ani da hadisi. Tsakanin ɗariƙun biyu ma an sha yin tsamin dangantaka, musamman a lardin Sakkwato a ƙarshen shekarun 1940 da cikin 1950, a kan yin wazifa a masallatai da kuma ƙablu a salla, kafin bayyanar Izala ta sa suka matso kusa da juna.